Yadda na roƙi Farfesa wasiƙar shaida bayan shekara shida ba mu gaisa ba

Imel na farko da na aika wa Farfesa layi tara ne, bakwai daga ciki gaisuwa ce. Na tambayi lafiyarsa, na tambayi iyali, na tambayi sanyin Jos, na yi masa addu'ar gamawa lafiya. Sai can ƙasa, kamar mai satar hanya, na ce ina neman tallafin karatu a ƙasar waje, ko zai taimaka mini da wasiƙar shaida. Ban faɗi wane tallafi ba, ban faɗi yaushe ake buƙatar wasiƙar ba, ban ma faɗi shekarar da na gama ba. A wurin taken imel ɗin kuwa gaisuwa na sake rubutawa. Na aika a farkon Satumban 2022 daga ɗakina a Kubwa, na zauna jira. Sati uku shiru.

Ni a lokacin na ɗauka fushi yake yi, kuma in ma ya yi ba zan ga laifinsa ba. Na gama digirina a fannin ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2016, shi ya duba kundina, kuma tun ranar da na karɓi sa hannunsa ban ƙara leƙa shi ba. Ba gaisuwar salla, ba ta'aziyya, ba komai. Na yi bautar ƙasa, na samu aiki a Abuja da wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, rayuwa ta tafi da ni. Yanzu da buƙata ta taso na dawo da ƙoƙon bara. Kunyar wannan ce ta sa na cika imel ɗin da gaisuwa na ɓoye abin da ya kawo ni.

Ashe bai ma gani ba. Adireshin da na yi amfani da shi na kwafo ne daga bangon wata tsohuwar takardar darasi, na Yahoo ne da ya daina buɗewa tun tuni. Ga shi kuma malaman jami'a suna cikin yajin aikin da aka fara a Fabrairu, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, don haka babu wanda zan aika ofishinsa. Wata ƙawata da muka gama tare, wadda yanzu take koyarwa a sashen, ita ta ba ni lambar wayarsa da adireshinsa na jami'a mai ƙarewa da .edu.ng. Da na tura mata abin da na rubuta don ta gani, sai da ta yi dariya ta ƙoshi. Ta ce, "Ke, ko ya gani me zai yi da wannan? Ɗalibai nawa ya yaye bayanki? Masu sunanki kaɗai sun fi biyar. Ki rubuta kamar bai san ki ba, domin wallahi ya manta."

Maganar ta yi mini zafi, amma ita ta gyara mini tunani. Malamin da ke duba kundin ɗalibai goma ko fiye duk shekara, bayan shekara shida ya wuce mutum sittin, ban da ɗaruruwan da suka zauna a ajinsa. Idan ya amsa roƙona ba tare da ya tuna ni ba, abin da zai rubuto shi ne irin wasiƙar nan da kowa ya sani: ɗaliba ce mai ladabi da ƙwazo, ina ba da shawarar a ɗauke ta. Masu tantancewa suna karanta irinta ba adadi, ba ta gaya musu komai. Saboda haka aikin imel ɗin ba neman izini kaɗai ba ne. Sai ya tuna masa ko ni wace ce, ya kuma miƙa masa kayan da zai rubuta wasiƙar da su.

Kafin in sake rubutu sai da na koma na karanta abin da ake nema da kyau, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Tallafin Chevening nake nema, na gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu na shekara ɗaya. Suna son mutum ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato awa 2,800, ya zaɓi kwas uku, ya kuma yi alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu. Masu ba da shaida biyu ake so. A shekarar da na nema, an rufe karɓar takardu a farkon Nuwamba, amma wasiƙun sai cikin Fabrairu, ga waɗanda aka gayyata ganawa. A nan na gano abin da ban lura da shi ba: wasiƙa iri biyu nake buƙata daga hannun Farfesa, ba ɗaya ba. Tallafin daban, gurbin karatu daban. Sai ka nemi jami'o'in da kanka, kuma sai ɗaya daga cikinsu ta ba ka gurbi marar sharaɗi kafin tallafin ya tabbata. Ta tallafin ni zan karɓa in ɗora a shafina. Ta jami'a kuwa ba ta bi ta hannuna sam, su za su aika masa da saƙo kai tsaye ya cike da kansa. Abin da suke son ji ma ya bambanta. Jami'a tana tambayar ko zan iya karatun. Masu tallafi suna son sanin tun yaushe ya san ni, a wane matsayi, ko ina da halin jagoranci da iya hulɗa da mutane, sannan ko zan iya jure karatu mai nauyi.

Kwana biyu na yi ina neman abin da zai sa ya tuna ni. Makin da na ci ba zai yi ba, masu irinsa suna da yawa. Sai na tuno da na'urar awon ruwa. Kundina a kan rijiyoyin gidaje ne da ke kusa da tsofaffin kududdufan haƙar kuza a wajen Bukuru, rijiya 24, a ɗebi ruwa da rani a sake ɗiba da damina. Na yi sati biyu ina awo, sai na lura duk rijiyar da na gwada tana nuna tsami fiye da kima, har da ruwan leda da na saya a bakin titi na gwada don in gani. Na koma ɗakin gwaji na saka na'urar a ruwan daidaitawa mai pH 7, wato ma'aunin tsamin da ya kamata ta nuna, sai ta nuna ƙasa da 6. Ban daidaita ta ba kafin in fara, laifina ne. Alkaluman sun yi kyau a takarda, har sun dace da abin da muke zaton samu, kuma da na yi shiru babu mai ganewa. Na je ofishinsa ina rawar murya na faɗa masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, 'yata, sai a koma rijiya." Na sake awon daga farko da kuɗin motar da na ci bashi wurin yayata.

Da Turanci na rubuta imel na biyu, don shi ne harshen da za a yi wasiƙar da shi, amma ga abin da ya ƙunsa. A wurin taken imel ɗin na sa: roƙon wasiƙar shaida, sunana, ɗalibar kundi ta 2016, ana buƙata kafin 15 ga Disamba. A ciki kuma:

"Ranka ya daɗe Farfesa, barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce ɗalibarka da ka duba wa kundi a 2016, a kan ingancin ruwan rijiyoyi 24 kusa da kududdufan kuza a Bukuru. Wataƙila za ka tuna wadda ta sake awon gaba ɗaya saboda na'urar da ba a daidaita ba. Ina neman afuwa a kan daɗewar da na yi ban gaishe ka ba.

"Shekara huɗu ke nan ina aikin samar da ruwan sha a ƙauyukan da ke kewaye da Abuja. Yanzu ina neman tallafin Chevening don yin digiri na biyu a fannin kula da albarkatun ruwa a Birtaniya. Ina roƙon ko za ka iya ba da shaida a kaina, idan kana ganin ka san aikina yadda za ka iya rubuta shaida mai ƙarfi. Idan lokaci ko wani dalili bai ba da dama ba, zan fahimta, kuma sanin hakan da wuri zai taimake ni.

"Abu biyu ne. Jami'o'i uku za su aiko maka da saƙo ta wannan adireshin, na farkonsu ana son amsa kafin 15 ga Disamba. Sai wasiƙa ɗaya ta masu tallafin, a takarda mai tambarin jami'a da sa hannunka da kwanan wata, wadda za a buƙata a Fabrairu idan an gayyace ni ganawa. Na haɗo takardar sakamakona, tarihin karatuna da aikina, taƙaitaccen bayanin kundina, da shafi ɗaya na abin da kowannensu yake son wasiƙar ta taɓo."

Na rufe da godiya, cikakken sunana kamar yadda yake a takardun makaranta, lambar rajistata da lambar waya. Sunan na da muhimmanci a wurina, domin na yi aure bayan na gama, kuma a wurin aiki da sunan mijina aka san ni. Da ya duba kundin sashe da wannan sunan ba zai same ni ba.

Jimlar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda na ba shi damar ƙi. Mijina da ya karanta cewa ya yi, "Wa yake roƙo yana nuna wa mutum ƙofar fita?" Ni kuwa na bar ta da gangan. A wurinmu babba ba ya son ya ce wa yaro a'a kai tsaye, sai ya ce to, sannan ko ya yi shiru har wa'adi ya wuce, ko ya rubuto layi huɗu marasa gishiri. Duka biyun sun fi a'a cutarwa, domin a'a ta watan Oktoba tana barin mutum da lokacin neman wani. Ranar 15 ga Disamban da na rubuta kuma ba ita ce ranar rufewa ta gaskiya ba, na rage kwana goma. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, ranar da nake buƙata na faɗa, kuma wanda ya san yadda wuta da intanet suke yi mana zai gane.

Takardun guda huɗu na mai da su PDF, kowace da suna mai ma'ana, sunana sannan abin da ke ciki. Na matse su har suka yi ƙanana, don na san a waya zai buɗe, kuma ba zai zauna jiran hoto mai nauyi ya sauka ba. Na aika ranar Talata da safe, sati ɗaya bayan an janye yajin aiki. Bayan azahar na tura masa gajeren saƙon waya, na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce na aiko da imel ta adireshinsa na jami'a. Ban kira ba. Kira daga lambar da bai sani ba yana tilasta masa ya amsa nan take, kafin ya ma tuna fuskar mai magana.

Bayan kwana uku shi ya kira ni, ina cikin motar haya wajen Dutsen Alhaji. Ko sallamata bai bari na gama ba ya ce, "Mai na'urar tsami! Ashe kina raye?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina nan, a yi mini afuwa." Ya ce ai har yanzu yana ba ɗalibai labarina duk shekarar da za su fita ɗibar ruwa, sai dai sunan ne ya ɓace masa. Ya yi mini faɗa kaɗan a kan zumunci, na karɓa, don na ci. Sannan ya faɗi abin da nake tsoro: "Kin ga an dawo daga yajin aiki, jarrabawa ta taru mana. Ki rubuta abin da kike so, ki turo in sa hannu."

Kusan duk wanda ya nemi irin wannan wasiƙa a ƙasar nan ya ji wannan jimlar, kuma da yawa murna suke yi da ita. Ni ma da farko na ji daɗi. Na zauna da dare na gwada, sai na ga abin ba ya yiwuwa. Duk abin da na rubuta ko ya fito da kunya har ba ya cewa komai, ko ya fito da yabon da ni kaina ban yarda da shi ba. Ga wata matsalar: masu tantancewa suna riƙe da rubuce-rubuce huɗu da na yi musu da hannuna, kuma kowa yana da kalmomin da yake maimaitawa da irin kuskurensa. Wasiƙar da ta zo da muryata ɗauke da sa hannun wani, ba sai mai wayo sosai zai gane ba. Sannan akwai abin da shi kaɗai zai iya faɗa, kamar matsayina a cikin ɗaliban da ya koyar. Idan ni na rubuta wannan, ƙirƙira na yi. Kuma wasiƙar da za ta yabi gaskiyata a kan alkaluma, a ce ita kanta ta ɓoye wanda ya rubuta ta, abin bai kwanta mini ba.

Ban ce masa a'a ba, ba a yi wa malami haka. Na aika masa da shafi ɗaya na tsurar bayanai, babu sifa ko ɗaya a ciki: kwasa-kwasai biyu da ya koyar da ni da makin da na ci, taken kundina, labarin na'urar da watan da abin ya faru, da yadda na jagoranci mu biyar zuwa wurin masu unguwanni neman izinin shiga gidaje, inda ni kaɗai ce mace, don haka ni nake shiga cikin gida wurin rijiya. Na ƙara da abin da nake yi yanzu a layi uku. A ƙasa na rubuta cewa na ga hukunci a kan waɗannan ya fi dacewa ya fito daga bakinsa, don ni ba zan iya auna kaina da sauran ɗalibansa ba. Amsarsa kalma uku ce: ya gani, madalla.

Na shigar da sunansa da adireshinsa a shafukan jami'o'in uku. Na zaɓi na .edu.ng domin ɗaya daga cikinsu ta rubuta ƙarara cewa shaidar da ta fito daga adireshin Gmail ko Yahoo sai an haɗa ta da takarda mai tambari da sa hannu. Kowane shafi yana nuna ko mai shaida ya amsa ko bai amsa ba, don haka ba sai na dame shi da tambaya ba. Biyu suka canza cikin sati biyu. Ta ukun ta tsaya cak. Ran 8 ga Disamba na tura masa tunatarwa ta hanyar danna Reply a kan imel ɗinmu na farko, don takardun su kasance a gabansa. Ya ce shi saƙo biyu kawai ya gani. Na roƙi ƙawata ta je ofishinsa, ta buɗe masa akwatin Spam, ga shi nan kwance tun sati uku. Irin waɗannan saƙonni na'ura ce ke aika su daga adireshin da ba a amsa masa, shi ya sa suke yawan faɗawa can. Da na san haka, da tun ranar da na shigar da sunansa na gaya masa sunan jami'ar da inda zai duba. Mahaɗin da ke ciki ya riga ya daina aiki, sai na shiga shafina na sa aka sake aikawa, ya cike a gabanta.

Gayyatar ganawa ta zo a Fabrairun 2023, a tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum zai kwana a layin banki bai samu naira dubu biyar ba. Gwamnati kuma ta ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga watan saboda zaɓe. Farfesa ya rubuta wasiƙar, amma hoton da ya turo mini a waya ya ɗauka, a karkace, inuwar hannunsa ta rufe tambarin, kwanan wata kuma babu. Na ji nauyin in ce ya sake, na kuma ji tsoron a rufe ofis kafin a gyara. Sai na shiga mota ranar Alhamis da asuba, ta Keffi da Akwanga, muka hau Hawan Kibo da hantsi, direba yana ta mita don rabin fasinjojinsa da waya suka biya shi.

Na same shi a ofis da tarin takardun jarrabawa har kan kujerar baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ɗan turaren da na riƙo masa. Ya ce, "'Yata, duk wannan tafiyar don kwanan wata?" Sakatariyar sashe ta sake bugawa a takarda mai tambari, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, aka buga hatimi, na kai wani shago a bakin ƙofar makaranta aka ɗauke ta da na'urar sikana. A tsaye a shagon na karanta ta. Shafi ɗaya da rabi ce. Ya ba da labarin na'urar da nasa kalmomin, ya ce ina cikin biyar na farko a ajinmu, ya kuma ƙara abin da ban sa a shafina ba don ban ma sani ba: wai alkaluman da na sake aunawa su wani ɗalibin digiri na biyu ya ɗora aikinsa a kai bayan shekara biyu. Har rauni ɗaya ya ambata, cewa a lokacin ina jin nauyin magana a gaban jama'a, amma yadda na tafiyar da masu unguwanni ya nuna ina shawo kan abin.

Na yi ganawa a ofishin jakadancin Birtaniya a Abuja. A watan Yuni sakamako ya fito, ban samu ba, duk da jami'o'i biyu sun ba ni gurbi. Kwana biyu na kasa gaya wa kowa, a na uku na rubuta wa Farfesa, a kan imel ɗin nan dai namu, na gode masa na kuma ce ina da niyyar sake nema. Da yamma ya amso. Ya ce wasiƙar tana nan a kwamfutar sakatariya, amma kada in sake ɗora tsohuwa, sabon kwanan wata za a sa, in turo masa abin da na yi a wurin aiki cikin shekarar nan ya ƙara. A ƙasa ya rubuta, "Kuma salla ta kusa, ina sauraron gaisuwa."